Farantin ƙarfe a 300°C: wat 73, 905 ko 978, wanne ne daidai?

Tambaya: Salam Malam. An ba mu aikin fiziks, farantin ƙarfe mai tsawon santimita 50 da faɗin 40, zafinsa 300°C, imisibiti 0.8, ɗakin kuma 27°C, wai a nemo zafin da fuskarsa ɗaya ke fitarwa ta radiyeshan. Ni na samu wat 73, abokina ya samu 905, bayan littafi kuma 978. Waye ya yi daidai a cikinmu? Kuma shi imisibitin nan launin abu ne ko mene ne? Don Allah a taimaka.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Littafin ya yi daidai, abokinka ma lissafinsa bai ɓaci ba sai dai wata tambayar daban ya amsa, naka ne kawai ya kauce, kuma wuri ɗaya tak ya kauce. Ka kwantar da hankalinka mu bi shi a hankali, don duk lambobin nan uku kowacce akwai abin da take nufi, in ka gane su to ka gama da wannan babin.

Ga dokar da ake aiki da ita, dokar Stefan-Boltzmann, kamar yadda take:

```
P = ε σ A T⁴
σ = 5.67 × 10⁻⁸ W/(m²·K⁴)
```

P shi ne yawan zafin da ke barin jikin abu a kowane sakan ɗaya ta hanyar haske, wato radiyeshan, da wat ake auna shi, wat ɗaya kuwa jul ɗaya kenan a sakan. A shi ne faɗin fuskar da ke fitar da zafin, da murabba'in mita. ε shi ne imisibitin da kake tambaya, lamba ce tsakanin 0 da 1, ba ta da awo. σ ba ta canzawa ko'ina kake. T kuma zafin fatar abun ne, ta waje, amma da Kelbin, kuma nan ne ka zame.

Kai 300 ka saka kai tsaye yadda aka ba ka. Ai 300 ɗin nan na Selsiyos ne, shi kuma sifilin Selsiyos ba ƙarshen sanyi ba ne, wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai mutane suka zaɓa suka kira shi sifili. Ƙanƙara tana 0°C amma tana fitar da radiyeshan sosai, kusan wat 300 a kowane murabba'in mita, to in ka saka sifili a fomular sai ta ce maka ba ta fitar da komai, ka ga akwai matsala kenan. In ma ka saka −10 sai pawa huɗu ta cinye alamar debewar ta ba ka amsa iri ɗaya da ta +10, wanda hankali ba zai ɗauka ba. Dokar tana aiki ne da ma'aunin da ya fara daga inda sanyi ya ƙare gaba ɗaya, wato −273.15°C, shi ne sifilin Kelbin. Shi ya sa kafin ka taɓa kalkuleta sai ka ƙara 273 tukuna. A wasu lissafan zafi, irin na ɗumama ruwa inda bambancin zafi kawai ake buƙata, ko da Selsiyos ka yi za ka tsira don 273 ɗin tana tafiya wajen debewa, wannan ne ma yake sa ɗalibai su saba har su manta. Amma nan T ɗin ita kanta ake ɗagawa pawa huɗu, wato T × T × T × T, babu inda 273 za ta tafi.

To mu yi shi. Santimita 50 rabin mita ne, 40 kuma 0.4, ka ninka su ka samu 0.2. T kuma 300 a ƙara 273, 573 kenan. Akwai wata dabara da nake so ka riƙe don tana rage kuskuren danna kalkuleta: tunda σ tana ɗauke da 10⁻⁸, shi kuma 100 in ka ɗaga shi pawa huɗu 10⁸ ne, to ka raba T da 100 tun farko, sai ka yi aiki da 5.67 kawai, sifilan nan duk sun kashe junansu.

```
T/100 = 5.73
5.73² = 32.83
32.83² = 1078
1078 × 5.67 = 6112 W/m²
P = 0.8 × 0.2 × 6112 = 978 W
```

Ga 978 na littafi ya fito. Wannan 6112 ɗin ka lura da shi da kyau, shi ne iyakar abin da murabba'in mita ɗaya na kowane irin abu zai iya fitarwa a wannan zafin, ko da me aka yi shi. Imisibiti yana rage shi zuwa kashi 80 cikin ɗari, faɗin farantin kuma ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage.

Yanzu duba abin da ya faru da naka. Da ka saka 300, fomular ta ɗauka Kelbin 300 kake nufi, Kelbin 300 kuwa shi ne 27°C cif, zafin ɗakin da aka ba ku. Wato wat 73 ɗin da ka samu shi ne abin da farantin zai fitar in ba a gasa shi ba sam, yana ajiye a ɗakin da sanyinsa kana iya ɗora hannu a kai. 3 pawa huɗu 81 ne, sau 5.67 ya ba ka 459, sau 0.8 sau 0.2 ya ba ka 73.5. Amsar gaskiya ta ninka taka fiye da sau 13, saboda 273 kaɗai.

Tun asalin dokar ma wannan maganar ce ta fito da ita. Josef Stefan, malamin fiziks a Jami'ar Vienna, a 1879 ya duba awon da John Tyndall ya yi da wayar filatinam da aka gasa. Daga lokacin da wayar ta fara yin ja-ja, wanda aka ƙiyasta 525°C, zuwa lokacin da ta yi fari fat, wajen 1200°C, radiyeshan ɗinta ya ninka sau 11.7. In ka raba 1200 da 525 ka ɗaga pawa huɗu za ka samu 27 da wani abu, bai yi kusa ba ko kaɗan. Amma mayar da su Kelbin, 1473 da 798, ka raba ka ɗaga pawa huɗu, sai ga 11.6. A 1884 ne ɗalibinsa Ludwig Boltzmann ya fito da ita ta hanyar lissafi zalla daga ƙa'idojin zafi da na haske, shi ya sa take ɗauke da sunansu su biyu.

Sai abokinka da 905 ɗinsa. Shi ya lura cewa ɗakin ma ba a zaune yake kawai ba, bango da rufi da tebur duk suna Kelbin 300, duk suna aiko da nasu radiyeshan ɗin kan farantin, farantin kuma yana shanye wani kaso. Kason da yake shanyewa daidai yake da imisibitinsa, wannan ƙa'idar Kirchhoff ce, abin da ya iya fitarwa haka ya iya shanyewa. To abin da farantin ke asara na haƙiƙa shi ne abin da ya fita a cire abin da ya shigo, T₀ a nan zafin ɗakin ne da Kelbin:

```
P_net = ε σ A (T⁴ − T₀⁴)
      = 0.8 × 0.2 × (6112 − 459)
      = 905 W
```

Ka ga 73 ɗinka ya sake dawowa, 978 a cire 73.5 saura wajen 905. Don haka sai ka karanta tambaya da idon basira. In aka ce nawa yake fitarwa, 978 ne, zafin ɗakin ba ya shiga ciki, wani lokaci ma da gangan ake saka shi don a ga ko ka san ba ka buƙatarsa. In aka ce nawa yake asara, ko wutar lantarki nawa za a riƙa ba shi don ya tsaya a 300°C ta ɓangaren radiyeshan, to 905 ne. Ni in ina duba takarda na fi son ɗalibi ya rubuta duka biyun ya faɗi wanne ne wanne, layi ɗaya ne kawai ƙari, amma yana nuna ya san abin da yake yi.

Akwai wani kuskure da ke laɓe a nan wanda ya fi na Selsiyos wuyar ganewa. Wasu sai su debe tukuna sannan su ɗaga pawa, wato 573 a cire 300 saura 273, sai su ɗaga 273 pawa huɗu. Wannan zai ba ka wajen wat 50, ba shi da alaƙa da komai. Kowace T sai an ɗaga ta ita kaɗai, bayan nan a debe. Kuma T₀ ɗin nan zafin bango ne da abubuwan da farantin yake kallo, ba na iskar ɗakin ba. Yawanci sukan zo ɗaya shi ya sa ba a damuwa, amma ba kullum ba.

In kana son ka ga dalilin da ya sa debewar nan take da muhimmanci, gwada lissafin a jikinka. Fatar mutum tana wajen 33°C, Kelbin 306, imisibitinta wajen 0.97 ko baƙi ne ko fari, faɗin da ke kallon waje mu ce murabba'in mita 1.5. Fomular farko za ta ba ka sama da wat 700. Mutum yana zaune kuwa abin da jikinsa ke samarwa daga abinci bai wuce wajen wat 100 ba, to da 700 yake zubarwa ba komai na dawowa ai da sanyi ya kashe shi. Abin da ke cetonsa shi ne bangon ɗaki yana maido masa da mafi yawa, a ɗaki mai 27°C asarar ba ta wuce wat 55 ba in ba riga a jikinsa. To juya shi zuwa watan Afrilu, bangon siminti ya sha rana tun safe, da dare yana 38°C, Kelbin 311. Yanzu T₀ ta fi T, amsar ta koma ƙasa da sifili, wajen −48, ma'ana bangon ne ke ɗura maka zafi ba kai ke ba shi ba. Shi ya sa ko an buɗe taga iska ta ɗan shigo mutum yake jin ɗakin bai huce ba, sai ya ɗauki tabarma ya fita tsakar gida, inda abin da jikinsa ke kallo sararin sama ne, wanda ta ɓangaren radiyeshan ya fi bango sanyi nesa ba kusa ba. Don haka in amsa ta fito da alamar debewa kar ka goge ta, tana gaya maka inda zafin ya nufa ne.

Toh sai maganar imisibiti, kuma nan nake so mu ɗan daɗe don nan ne mutane suka fi ruɗewa har da waɗanda suka gama makaranta. Ba launi ba ne, aƙalla ba launin da idonka ke gani ba. Lamba ce da ke cewa kashi nawa fatar abu take fitarwa in aka kwatanta ta da cikakken mai fitarwa, wanda littafi ke kira bilak bodi, mai ε = 1. Abin da ya sa launi bai shiga ba shi ne farantinka a Kelbin 573 ba hasken da ido ke gani yake fitarwa ba. In ka raba 2898 da 573, dokar Wien kenan, za ka ga mafi ƙarfin haskensa yana wajen tsawon zango maikromita 5, maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita, ido kuwa daga wajen 0.4 zuwa 0.7 kawai yake gani. Duk harkar a infirared take gudana, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani. Shi ya sa farantin yana fitar da kusan wat dubu amma a duhu ba za ka gan shi ba, sai dai ka kawo bayan hannunka kamar taki ɗaya daga gefensa ka ji fatar tana tsukewa, ka sa kwali a tsakani ka ji abin ya yanke nan take duk da iskar wurin ba ta canza ba. Sai ƙarfe ya kai wajen 525°C yake fara yin ja a duhu.

To a infirared, farin fenti da baƙin fenti kusan ɗaya suke, duk suna wajen 0.9. Ruwa yana wajen 0.95, bulo da siminti da itace duk wajen 0.9, baƙin hayaƙin da ke gindin tukunya wajen 0.95. Kusan duk abin da ba ƙarfe ba ne yana sama. Waɗanda ke ƙasa su ne ƙarafa masu sheƙi da ba su yi tsatsa ba: alminiyom da aka goge yana wajen 0.05, baƙin ƙarfe da aka goge shi tas yana kusa da 0.1. Amma ƙarfen nan dai da zarar ya yi tsatsa ko wuta ta ƙona fatarsa sai ya haura 0.7, 0.8, har sama. Wato 0.8 da aka ba ku na ƙarfen da ya sha wuta ne, irin na kasko. Abin lura, fatar waje ce kaɗai ke yanke hukunci, siririn fenti ko tsatsa ya isa ya canza lambar gaba ɗaya, abin da ke ciki ba ruwansa.

Gwada ka gani. Ka bar komai yadda yake, girma ɗaya zafi ɗaya, ka canza farantin zuwa alminiyom mai sheƙi, ε = 0.05. 6112 sau 0.05 sau 0.2, wat 61 kenan a maimakon 978, ya ragu sau 16. Kuma wannan yana da haɗari a wurin aiki, don ƙarfe mai sheƙi a 300°C ba ya yi maka gargaɗi, za ka kawo hannu kusa ba ka ji komai sosai ba sai ka taɓa ya ɗauke maka fata. Wannan ne kuma dalilin da ya sa cikin fulas yake sheƙi kamar madubi, an cire iskar da ke tsakanin bangayensa biyu, hanyar da ta rage wa zafi ita ce radiyeshan, sai aka toshe ta da ƙaramin ε.

Za ka ce to ai farar riga ta fi baƙa sanyi a rana. Haka ne, amma wancan maganar shanye hasken rana ce, rana kuma fatarta tana wajen Kelbin 5800, babban kaso na haskenta a inda ido ke gani yake, a can launi yana aiki sosai. Farin fenti yana shanye kaɗan daga hasken rana amma yana fitar da infirared da kyau, shi ya sa yake da kyau a rufi. Ƙa'idar Kirchhoff da na ambata tana aiki ne a irin haske ɗaya, ba za ka ɗauki yadda abu ke shan hasken rana ka saka shi a matsayin ε na fomular nan ba. Fomular debewar ma da ka gani ta ɗauka ε bai canza ba tsakanin hasken da farantin ke fitarwa da wanda bango ke aikowa, zato ne mai kyau tunda duka biyun infirared ne, amma in farantin yana cikin rana to hasken rana sai an lissafa shi daban.

In kana da irin na'urar awon zafi mai kama da bindiga, wadda ake nuna wa abu daga nesa, za ka iya ganin imisibiti da idonka. Ba ta gwajin zazzaɓi ba, ta masu gyaran inji nake nufi. Yawancinsu an saita su a kan ε = 0.95. Ka tafasa ruwa a sabuwar tukunyar alminiyom mai sheƙi, ka sauke, ka nuna na'urar a gefen tukunyar. Ruwan yana kusa da 100°C amma za ka iya ganin ta rubuta 35 ko 40, don tukunyar kaɗan take fitarwa nata, mafi yawan abin da na'urar ke karɓa radiyeshan ɗin ɗakin ne da tukunyar ke maidowa kamar madubi. Yanzu manna ɗan baƙin salatif na masu wayarin a gefen, ka ba shi minti ɗaya ya ɗauki zafi, ka nuna a kansa daga kusa, sai ka ga lambar ta yi tsalle ta haura 90. Tukunya ɗaya ce, zafi ɗaya, fata ce kawai ta bambanta. A kan abu mai 300°C kuwa kar ka sa salatif, narkewa zai yi, sai dai fenti mai jure wuta ko baƙin hayaƙin kyandir.

Shawarata a kan lambobin ε na tebur ɗin littafi, ka ɗauke su a matsayin ƙiyasi. Suna canzawa da zafi, na ƙarafa yakan ƙaru in zafi ya ƙaru, suna canzawa da yadda fatar take, santsi ko kaushi. In ainihin ε na farantinka 0.7 ne kai kuma ka saka 0.8, amsarka ta wuce da wajen kashi 14 cikin ɗari. Don haka a aikin gaske rubuta 977.96 ba shi da amfani, ka ce wajen kilowat ɗaya ya fi kusa da gaskiya.

Shi kuma faɗin fuska, A, abu biyu ne ke kayar da mutane. Na farko juya awo. 50 sau 40 ya ba ka murabba'in santimita 2000, sai mutum ya raba da 100 ya samu 20, ya manta cewa murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne. Farantin da za ka iya riƙewa a hannu ya koma girman ɗaki kenan. Maganinsa ka mayar da kowane tsawo mita tun kafin ka ninka. Na biyu, wace fuska za ka ƙirga. An ce muku fuska ɗaya shi ya sa 0.2. Da a ce an rataye farantin ne a tsakiyar ɗaki gaba da baya duk a buɗe, A zai zama 0.4 amsar kuma ta koma 1956. Gefe-gefensa in kaurinsa milimita 5 ne, kewayensa mita 1.8 sau 0.005 bai wuce 0.009 ba, ana iya barinsa sai in an ce a saka. In bututu ne A = 2πrL, in ƙwallo ne A = 4πr², kuma a nan ka kula kar ka saka πr², wancan faɗin inuwarsa ne.

Amma ba duk fuska ce ake ƙirgawa ba, sai wadda ke kallon waje. In ka lanƙwasa farantin nan ya zama kwano mai zurfi, wani ɓangaren cikinsa yana haska ɗan'uwansa ne, abin da wannan ya fitar wancan ya shanye, bai fita ba. Haka siraran fukafukan ƙarfen da ke jikin injin babur, an yi su ne don iska ta ratsa ta kwashi zafi, ta ɓangaren radiyeshan kuwa junansu suke kallo, in ka tara faɗinsu duka ka saka a fomular za ka samu amsa mai yawa da ba gaskiya ba. Abin da ya fi kusa shi ne ka ɗauki faɗin da zai lulluɓe abun daga waje. In ramin ya yi zurfi bakinsa ƙarami, kamar ƙofar tanderu, to A shi ne faɗin bakin kawai, ε kuma ya matso kusa da 1 ko da me aka gina cikin, don hasken da ya shiga sai ya yi ta bugun bango har ya shanye kafin ya samu hanyar fita. Da irin wannan ramin ne ma ake kwaikwayon bilak bodi a ɗakin gwaji.

In an fita daga takardar jarrabawa aka zo kan farantin gaske, akwai abin da fomular ba ta gaya maka ba. Radiyeshan kaɗai take lissafawa. Iskar da ke taɓa farantin tana ɗumama ta tashi sama da nata kason, a iska mara motsi ana ƙiyasta wat 5 zuwa 10 a kowane murabba'in mita a kowane digiri na bambanci. Mu ɗauki 8: 8 sau 0.2 sau 273, wato 300 a cire 27, ya ba da wajen wat 440. Ka ga a nan bambancin zafi ne kai tsaye, 273 ɗin halas ne. To farantinka na gaske yana asarar wajen 905 da 440, kusan 1350 ta fuskar nan, radiyeshan ya ɗauki kashi biyu cikin uku. A na alminiyom mai sheƙi kuwa radiyeshan bai kai wat 60 ba bayan debewa, iska ce ke yin kusan duka aikin. Kuma P ɗin na wannan lokacin ne kawai, in ba wuta a ƙarƙashinsa yana hucewa T na sauka P na sauka da sauri fiye da ita, ba za ka ninka 978 da minti goma ka ce ga zafin da ya fita ba.

Pawa huɗun nan kuma tana sa kuskure kaɗan a T ya girma. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari a Kelbin yana zama wajen kashi 4 a P, digiri 10 kacal a kan 573 ya isa ya karkatar da amsa da kashi 7. In farantin ya hau 400°C, Kelbin 673, yana fitar da wat 1861, kusan ninki biyu. In ya sauka 200°C, Kelbin 473, wat 454 ne. Ka duba, hawan digiri 100 ya ƙara 883, saukar digiri 100 ta rage 524 kawai, ba daidai suke ba. Wannan yana da tasiri in zafin farantin ba ɗaya ba ne ko'ina, kamar yadda yake in wutar gefe ɗaya take bugu. A ce rabinsa yana 400°C rabi yana 200°C. Matsakaicinsu 300 ne, sai ka yi zaton 978 za ka samu, amma rabin 1861 a haɗa da rabin 454 wajen 1158 ne, ya fi da kashi 18 cikin ɗari. Don haka in zafin ya bambanta sosai, sai ka raba fuskar gida-gida, kowane gida ka lissafa nasa da T ɗinsa da faɗinsa, sannan ka tara.